Abin da Zaurukan Ƙauyukan Sakkwato Suka Gyara Mini a Takardar Tallar Fitila

Ranar da na fara yawon tallar fitilar sola gida-gida, an miƙa mini takarda mai shafi ɗaya aka ce in haddace. Takardar ta fara da yabon fitilar, haskenta kaza, ƙarfin faifanta mai karɓar hasken rana kaza, sannan ta ƙare da tambayar guda nawa mutum yake so. Na haddace ta tsaf, na yi mako biyu ina zagaya ƙauyukan Kware da Wurno, ban sayar da abin kirki ba. Yanzu da ni nake koya wa sababbin wakilai, kusan duk layin da ke cikin takardarmu wani magidanci ne ya sa na rubuta shi, ko da fushinsa ko da shirunsa.

Abu na farko da tsohuwar takardar ba ta sani ba shi ne zaure. A nan namiji baƙo ba ya wuce ƙofar gida. Sallama za ka yi ka jira, a turo yaro, maigida ya fito, a shimfiɗa tabarma. Kafin ma wannan sai ka gaida hakimin garin, ya san da zuwanka, ya haɗa ka da wanda zai raka ka. Don haka layin farko yanzu gaisuwa ce cikakkiya, a tambayi iyali da gona da zafi, fitila tana cikin jaka ba a fito da ita ba. Ga kuma abin da ya daɗe yana damuna: wadda take dafa tuwon dare cikin duhu tana ciki, ba za ka gan ta ba. Shi ya sa muke roƙon maigida ya ba yaro fitilar ya kai wa uwargida ta riƙe ta gani, in kuma da hali mu tafi da mace wakiliya ta shiga ciki.

Na daina yabon kaya, na koma tambaya. Wani dattijo mai noman albasa a wani ƙauye kusa da Achida ne ya koya mini. Na ce masa: "Baba, da dare da mi kuke gani cikin gida?" Ya ce tocila biyu, tasa da ta iyali. Na tambayi batir, ya ce kowace tana cin biyu a mako, a lokacin yana sayen biyun naira 400, wato 800 ke nan. Waya biyu ce a gidan, kowace ana kai ta wurin mai caji sau uku a mako a kan naira 100, ya kama 600. Ban haɗa masa jimla ba, na bar shi ya ƙirga da yatsunsa har ya ce 1,400 da bakinsa, ya yi shiru. Lissafin da mutum ya yi da kansa ba ya musunsa. Sai a nan na fito da fitilar na faɗi kuɗinta: naira 30,000 kuɗi hannu, ko a ba da 6,000 kafin alƙalami sannan 1,200 duk mako har mako 25, jimla 36,000.

Nan take ya yi tambayar da kowane wakili zai haɗu da ita a Sakkwato: "To wanga ƙari na dubu shidda, ba riba ba ce?" Tsohuwar takardar ba ta da amsa, ni kuma na yi ta inda-inda. Abin da muke faɗa yanzu shi ne gaskiyar tsarin: farashi biyu ne a gabanka, ka zaɓi ɗaya tun yanzu a ƙulla ciniki a kansa, kuma idan ka makara da biya ba a ƙara maka ko kwabo. Sai mu ce ya je ya tambayi limaminsu, za mu dawo. Wakili ba mai ba da fatawa ba ne, kuma duk wanda kamfaninsa yake cin tarar jinkiri kada ya kuskura ya furta wannan layin.

Dattijon ya saya. Bayan mako biyar ya aiko a kira ni. Na tarar da fitilar a kan tabarma, an naɗe wayar faifan a gefenta. Ya ce: "Yaro, wagga fitila taka ta mutu, ɗauki abinka." Na duba, lafiyarta ƙalau. Biyan makon ne ya wuce shi, ta kulle kanta. Irin waɗannan fitilun, idan aka biya sai a turo lambobi ta saƙon waya a danna mata, ta buɗe na iya kwanakin da aka biya. Na san da haka tun farko, amma na ratsa ta gefen maganar don ina tsoron ciniki ya watse. Ya dube ni ya ce: "Da ka hwaɗa min tun ranar, da na shirya." Ba kuɗin ne ya ɓata masa rai ba. An ci tuwon dare cikin duhu a gaban iyalinsa, a garin da kowa ya san ya sayi sola. Gidaje uku da suka yi mini alkawari a wannan layin duk suka janye.

Daga ranar maganar kullewa ta dawo gaban karɓar kuɗi, kuma da kalmomi tsirara: "Baba, in mako ya cika ba a biya ba, za ta ɗauke wuta sai an biya. In aka gama biyan mako 25 ta zama taka, ba ta sake kullewa." Sai in sa shi ya maimaita mini, in kira ɗansa mai iya waya ya danna lambobin sau ɗaya a gabana. Na kuma koyi tambayar yaushe kuɗi ke shigo masa. Manomin albasa ba ya samu kowane mako, don haka mu ɗora ranar biya a kan ranar kasuwar garinsu, ko in ya sayar da kaya ya biya na makonni da yawa a dunƙule.

Awannin haske ma haka. Abin da ke jikin kwali na mafi ƙanƙantar haske ne. Tamu in aka ƙure ta takan yi wajen awa biyar bayan cikakken cajin yini, kuma cajin waya daga wannan batir ɗin yake sha, don haka waya biyu da rana na nufin gajeren dare. Da hunturu ƙura kan lulluɓe faifan har caji ya ragu, sai mutum ya zaci an cuce shi. Nakan goge rabin faifan da ɗanyen tsumma a gabansa, ya ga bambancin da idonsa. Faifan ne kaɗai ake sawa a rana, ita fitilar a bar ta a inuwa ta hanyar doguwar wayarta, domin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana gajiyar da batir da wuri.

Dattijon nan ya ci gaba da biya bayan na ba shi haƙuri a gaban wanda ya raka ni, muka mayar da ranar biyansa ranar kasuwa. Cikin gidaje ukun da suka janye, ɗaya ya dawo bayan an cire albasa, da kuɗinsa a hannu, ya ce shi ba ya son mai kullewa.