Alhamis a Maigatari: Kukan Raƙuma Uku

Yau kasuwar Maigatari ta ci cikin hazo. Tun da hantsi ƙurar hunturu ta rufe kara, ga rurin raƙuma ta kowace kusurwa, har mai ciniki sai ya ɗaga murya kafin dillali ya ji shi. Baƙo zai ɗauka duk kuka ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Raƙuma uku na tsaya a kansu yau, kowanne da abin da yake faɗa, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu yake da ciwo.

Na farko wani dandaƙaƙƙen raƙumi ne, ƙosasshe, za a ɗora masa gero buhu biyu. Mai shi ya ja akala ƙasa, raƙumin ya durƙusa da gwiwoyin gaba, ya naɗe na baya, ya sauke ƙirjinsa a kan wannan kantar da ke tsakiyar ƙirji. Ko akumari ba a ɗauko ba ya wage baki ya fara ruri, yana juya wuya yana duban masu kayan. Wannan shi ne abin lura: kukan ya riga kayan. Dabbar da ta fara ƙorafi tun ba a taɓa ta ba, ba zafi take ji ba, ta dai gane abin da ke tafe. Raƙumi yana da riƙo. Ya san gurfanarwa, da ƙarar igiya, da mutum biyu a gefensa, duk ma'anarsu aiki. Ƙari kuma, a gurfane ba shi da halin gudu ko shuri sosai, musamman in an ɗaure masa naɗaɗɗiyar ƙafar gaba don kada ya miƙe. Abin da ya rage masa baki ne, shi ya sa yake aiki da shi.

Aka ɗora, aka ɗaure, aka kwance ƙafar. Ya ɗaga gindi, ya miƙe da na gaba, sai shiru kamar an ɗauke ruwa. Kafin su kai bakin hanya ya koma tuƙa abinsa. To, ma'aunin ke nan, kuma ban san wanda ya fi shi sauƙi ba. Kukan da ya tsaya da zarar raƙumi ya miƙe ya kama tafiya, mita ce kawai. Dabbar da ke cikin azaba ba ta tuƙa cikin natsuwa.

Na biyu shi ya ci mini rabin yini. Wani dattijo ne da ɗansa suke fama da shi, sun ɗora kaya sau biyu yana ƙin tashi. Da aka matsa masa ya miƙe, kukan bai tsaya ba, sai ma ya sauya: ya bar ruri mai faɗi ya koma nishi gajere, mai fitowa daidai da taku. Ya lanƙwasa baya, yana cizon haƙora, ya yi 'yan taku ya sake gurfana ba wanda ya ce masa. Yaron ya ɗaga sanda. Na ce da dattijon, "Baba, a sauke kayan mu duba bayansa tukuna." Ya ce, "Malam, halinsa ne, rigima gare shi." Amma ya yarda aka sauke.

Dubawar ba ta bukatar kayan aiki. A cire akumari gaba ɗaya, a ɗaure ƙafa, wani ya riƙe akala gajere yana juya kan zuwa ɗaya gefen. Sai a bi da tafin hannu a hankali daga gindin wuya, ta gaban tozo, a sauka gefe da gefen ƙashin baya, a zagaya bayan tozo har kwankwaso. Ana neman wurin da ya fi sauran ɗumi, ko kumburi, ko gashin da ya jiƙe ya manne, ko inda fata ke karkarwa in an danna. Farin gashi tsilli-tsilli a wurin shaidar tsohon miki ne da ya warke. A wannan raƙumin, ina isa gaban tozo ta hagu ya zabura ya kawo baki. Ƙarƙashin gashin akwai kumburi kamar faɗin tafin hannu, tsakiyarsa ya saɓule ya fara ruwa.

Dalilin yana nan a ƙasa inda aka sauke shi. Gefen hagu cikakken buhu ne, wanda zai kai kilo 100. Gefen dama buhu ne da aka taɓa, da ƙyar zai kai 70, aka cika da 'yan tarkace marasa nauyi. Jimillar ba ta fi ƙarfinsa ba, don babban raƙumi lafiyayye yana tafiya mai nisa da kilo 150 zuwa 200. Rinjayen ne matsalar. Kaya in ya rinjaya gefe ɗaya, da kowane taku sai ya ja akumari ya goge wuri guda, kuma tafiyar raƙumi ta rangaji ce, tunda ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya suke tafiya tare.  Akumarin nasu ma cushensa ya mutu a gaba, ya kwanta ya yi tauri, har itacen ciki yana taɓa jiki.

Mutane da yawa suna zaton tozo aka yi don ɗaukar kaya. Tozo kitse ne, ba ƙashi a ciki, kuma bai son danni. Nauyi a kan haƙarƙari ya kamata ya zauna, hagu da dama, akumari ya kewaye tozon ya bar ƙashin baya a sake. Ga wani abin da ake mantawa: tozo yana ƙaruwa yana raguwa. Akumarin da ya zauna daidai da kaka, lokacin da dabba ta ƙoshi, zai yi mata yawa a ƙarshen rani in ta rame, ya riƙa zamewa. Shi ya sa ake sake cusa shi gwargwadon jikin dabbar. Majayi kuma bayan kantar ƙirji yake bi, ba a kanta ba, a ɗaure yadda yatsu za su iya shiga ƙarƙashinsa. In akwai igiya ta biyu ta baya, a kula kada ta matse wa namiji mafitsara. Wajen ɗorawa, mutum biyu su ɗaga tare, su sauke buhunan lokaci guda. In ɗaya ya riga, akumari ya karkace tun ba a tashi ba, kuma duk ɗaurin da aka yi a kan karkataccen akumari karkatar yake riƙewa.

Muka aske gashin da ke kewaye da mikin, muka wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali biyu a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, aka shafa aidin. Sai a rufe shi daga ƙuda, don tsutsa ba ta jira, a kuma kore tsuntsayen da ke tsattsagar miki. Maganin gaskiya dai hutu ne, babu kaya har fata ta rufe, abin da kan ɗauki makonni. In ya zama dole sai ya yi aiki, a rage cushe daidai saitin mikin yadda babu abin da zai taɓa shi, a kuma rage kayan sosai. Dattijon bai ji daɗin wannan ba. Ya nemi wani raƙumin aka raba buhunan daidai.

A nan ne yaron ya sha tofi. Ya zo ta gaban fuskar kai tsaye zai gyara ragama, raƙumin ya watsa masa koren abu a riga. Ba yawu ba ne zalla. Raƙumi mai tuƙa ne, tumbinsa kashi uku, kuma dawo da abinci daga ciki zuwa baki aikinsa ne na kullum. In ransa ya ɓaci sai ya ɗago wannan tuƙar, ya haɗa da yawu, ya girgiza kai ya fesar. Warin tsami ne na abincin da ya fara ruɓa a tumbi. Kuma bai cika yi ba sanarwa ba: kunnuwa su kwanta baya, ya ɗaga haɓa, a ji ƙugi a maƙogwaro, a ga dunƙule yana hawa wuya, kumatu su cika. Wanda ya ga haka ya matsa gefen kafaɗa. Tofi gargaɗi ne, cizo ke biye da shi, kuma cizon babban namiji ba wasa ba ne, fiƙoƙinsa na iya karya hannu. In tofin ya shiga ido ko baki a wanke da ruwa mai yawa nan take, don raƙuma na ɗauke da cutar numfashin nan ta MERS da aka fara ganowa a Saudiyya a 2012.

Hanyar zuwa wurinsa ita ce ta gefe, daidai kafaɗa, kana magana tun daga nesa, hannunka ya fara sauka a kafaɗa kafin ya je kai. Bayansa ba wurin tsayuwa ba ne, gefen ƙafar baya ma haka, don yana shuri har ta gefe. Wuyan nan kuwa yana kaiwa inda ba ka zata ba.

Na uku an ɗaure shi can nesa da sauran, da dabaibayi da takunkumi. Amale ne, kuma lokacinsa ne, don barbarar raƙuma da sanyi take tashi. Kukansa ba ya kama da na biyun farko: gurnani ne mai zurfi kamar ana zuba ruwa daga tulu, tare da wata jar tsoka da yake hurowa ta gefen baki kamar balan-balan. Yara suna cewa harshensa ne ya fito. Ba harshe ba ne, laushin ganɗarsa ne yake cika da iska. Kumfa ta cika masa baki, wani baƙin ruwa mai wari yana tsattsafowa a ƙeyarsa, ya buɗe ƙafafun baya yana kaɗa jela cikin fitsari yana watsa wa bayansa. Irin wannan ba ya cin abinci sosai, yana ramewa, kuma ko mai shi bai amince masa ba a wannan watannin. Ba a jera shi da wani amalen, shi ya sa masu ayari suka fi son dandaƙaƙƙu. Tsokar nan in haƙori ya huda ta takan kumbura ta ƙi komawa, ta hana shi ci da sha. Wannan aikin likitan dabbobi ne, ba na tura ta da hannu ba.

Da la'asar wani ya kawo ɗan raƙumi yana cewa kuka ya yi masa yawa in an ɗora masa kaya. Na buɗe leɓen ƙasa, haƙoran gaba duk na nono ne, ko biyun tsakiya ba su sauya ba. Waɗannan sai wajen shekara biyar suke fita, baki kuma ba ya cika sai wajen bakwai. Kafin nan akumari kawai ya kamata ya saba da shi, sai ɗan kaya mara nauyi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Shi kuwa buhu guda cur aka raba masa biyu tun daga ƙauye.