Wasiƙar da na rubuta wa manaja sau biyu ina da juna biyu

Wasiƙata ta farko layi biyar ce, kuma uku daga ciki gaisuwa ce da ban haƙuri. Sauran biyun cewa suka yi: "Ina da juna biyu, jikina ba ya min daɗi. Ina roƙon a taimaka a rage min aiki, a kuma riƙa barina ina zuwa asibiti." Na ninke ta na miƙa wa manaja a bakin ƙofar ofishinsa yana shirin fita, ya sa a aljihun riga. Ban riƙe kwafi ba, ban ma sa kwanan wata ba.

A lokacin ina aiki ne a siton wani kamfanin rarraba kaya. Ni ke karɓar kaya idan mota ta zo, in ƙirga, in jera a kanta. Katan ɗin sabulun ruwa kilo 20 ne, kuma a ranar sauke kaya nakan ɗaga talatin ko fiye. Kantar sama sai da tsani. Daga ƙarfe takwas na safe zuwa huɗu na yamma a tsaye nake, in ban da rabin awar cin abinci. Haka na ci gaba har cikin ya kai mako 19 ban faɗa wa kowa ba, rabi kunya rabi tsoron kada a ce na zama kaya. Sai wata rana ina kan tsani jiri ya ɗebe ni, na rungume kanta har ya wuce. A daren na rubuta waccan wasiƙar, hannuna na rawa. Wannan jinkirin shi ne kuskurena na farko, ƙannena, domin wadda ta bari sai da ta firgita sannan ta ɗauki biro, kuka za ta rubuta.

Bayan kwana huɗu manaja ya kira ni. Ba mugun mutum ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Ya ce, "Malama, na ga takardarki. To me kike so in yi? In aikin ya fi ƙarfinki, ki ɗauki hutu ba albashi har ki haihu." Na fito ina haɗiye hawaye. A ƙarshen watan kuma na tarar an yanke min kuɗin yini guda, ranar da na je awo, saboda a rajista an rubuta ban zo aiki ba. Na ce ai na sanar, aka ce ina shaida.

Na daɗe ina jin haushinsa kafin in gane cewa tambayar da ya yi min gaskiya ce. "A rage min aiki" ba abu ba ne da mutum zai sa wa hannu. Wane aikin? Daga yaushe zuwa yaushe? Wa zai yi wanda aka ɗauke min? Na jibga masa matsala na bar shi ya nemo mafita, shi kuwa ya ɗauko wadda ta fi masa sauƙi, wato in tafi gida.

Wata babbar nas a wurin awo ce ta buɗe min ido. Ta ga ƙafafuna sun kumbura, ta tambayi irin aikina, na zayyana mata har da zancen wasiƙar. Ta ce, "'Yata, ke kika san nauyin katan ɗin, shi bai taɓa ɗagawa ba. Rubuta masa kilo nawa ne." Ta haɗa ni da likita, ya ba ni takarda mai cewa in guji ɗaukar kaya masu nauyi, da hawa tsani, da doguwar tsayuwa ba hutu. Ku lura, takardar ba ta faɗi sakamakon gwajin jinina ko wani sirrin jikina ba. Abin da ya shafi aiki kawai ta ambata, kuma iyakar abin da manaja yake bukatar sani ke nan.

Ita ce kuma ta ɗauki katin awona ta lissafa min ranakun da suka rage. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2016, ta ce mai juna biyu ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas: na farko cikin mako 12 na farko, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Asibitoci kan bambanta kaɗan, don haka katinki ne abin bi. Amma tsarin ɗaya ne, ziyarar tana da tazara da fari, tana matsowa kusa da kusa a ƙarshe. Ni ina mako na 22, kuma hutun haihuwata zai fara bayan mako na 36. Da muka ƙirga, sai ga shi safiya huɗu ce kacal nake nema a cikin lokacin aiki. Shi kuwa manaja da ya karanta "a riƙa barina ina zuwa asibiti", wa ya san ko kowane mako ya ɗauka?

Ga wasiƙa ta biyu, kusan yadda na rubuta ta, mai kwanan wata 8 ga Afrilu:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ina sanar da kai a rubuce cewa ina da juna biyu na mako 22, kuma ana sa ran haihuwa wajen 12 ga Agusta. Bisa takardar likita da na haɗa da wannan wasiƙa, ina neman a ɗauke min ayyuka uku daga ranar Litinin mai zuwa har in tafi hutun haihuwa: sauke katan-katan daga mota, hawa tsani, da tsayuwar yini guda ba zama. A madadinsu zan iya riƙe rajistar shiga da fitar kaya, da duba takardun direbobi, da ƙirgar ƙarshen mako, duk a kan tebur. Na yi magana da abokin aikina mai riƙe rajistar yanzu, ya ce a shirye yake mu yi musaya idan ka amince. Ina neman wannan canji ya zama na wucin gadi, ba tare da ya taɓa albashina ko matsayina ba, in koma aikina bayan hutu.

"Game da awo, ina neman izinin safiyar Talata huɗu: 6 ga Mayu, 3 ga Yuni, 1 ga Yuli da 15 ga Yuli. Zan dawo aiki kafin ƙarfe ɗaya, in nuna katin asibiti, kuma ina neman a rubuta su a rajista a matsayin izini. Idan likita ya ƙara wata rana zan sanar da kai da zarar an faɗa min. Idan larura ta taso ba shiri, zan tafi asibiti in kira daga can. Zan so samun amsa a rubuce kafin Juma'a. Na gode."

Babu "jikina ba ya min daɗi", babu ban haƙuri. Ladabi yana nan, amma ban nemi gafarar ɗaukar ciki ba.

Jimlar da na fi so ku riƙe ita ce ta albashi da matsayi. Na ga wadda aka mayar wani sashe mai sauƙi ta yi ta godiya, sai ƙarshen wata ta ga alawus ɗinta ya ɓace, bayan haihuwa kuma ta tarar an ba wani kujerarta. Ba ta rubuta cewa canjin na ɗan lokaci ba ne, shi ke nan ya zauna daram. Kuma ba son zuciya ba ne ki nemi haka. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a Yarjejeniya mai lamba 183 ta shekarar 2000, ta ce kada a tilasta wa mai juna biyu aikin da zai cutar da lafiyarta ko ta ɗanta, kada a kore ta saboda ciki, kuma hutun haihuwa kada ya gaza mako 14. Shawara mai lamba 191 da ke rakiyar yarjejeniyar ta ambaci ɗaukar kaya da hannu da doguwar tsayuwa ko zama cikin ayyukan da ake dubawa, ta ce in ba a iya gyara yanayin aikin ba a mayar da ita wani gurbin ba tare da rage albashi ba, a kuma bar ta ta je duba lafiyar cikinta bayan ta sanar da mai aikin. Sai dai ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar ba, kuma dokar ƙasarki da takardar ɗaukarki aiki su ne za su yi aiki a kanki. Ki karanta su kafin ki rubuta, ko ki tambayi wakilin ƙungiyar ma'aikata in akwai. Ni ban ambaci doka ko ɗaya a wasiƙata ba, da gangan. Wasiƙar farko da ta zo da ayoyin doka tana kama da sammaci, mutum kan ja daga tun bai kai ƙarshenta ba. Na ajiye su ne don in an ƙi.

Jimlar larura ma kada ki tsallake ta. Zubar jini, ko zubar ruwa, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko ki ji motsin ɗan ya ragu, waɗannan ba a zaman jiran sa hannun kowa a kansu. In kin faɗa tun farko a rubuce, ranar da ta faru ba sai kin tsaya bayani ba.

A wannan karon kwafi biyu na buga. Na kai wa sakatare, ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan nawa, na ɗauki hotonsa a waya. Ranar Alhamis takardar ta dawo da rubutun manaja a gefe. Ya amince da musayar aiki da safiyoyin huɗu. Abu ɗaya ya canza: ranar sauke kaya in kasance a bakin mota ina ƙirga, domin ba ya so a raba ƙirga da karɓa. Na ce to, in dai za a ajiye min kujera a inuwa. Ya ƙara wannan da bironsa, ya sa hannu.

A awon mako na 30 aka ga jinina ya ɗan hau, likita ya ce in dawo bayan mako ɗaya a sake aunawa. Ranar ba ta cikin huɗun da na lissafa. Da na dawo ofis na rubuta layi biyu, na ambaci wasiƙar 8 ga Afrilu, na liƙa hoton katin awo. Sakatare ya duba, ya buɗe rajista, ya rubuta "izini" a gaban 10 ga Yuni.