Koken da na kai wa darakta a kan firjin allura

A shekarata ta biyu a wani ƙaramin asibitin karkara aka ɗora min kula da firjin alluran rigakafi. Ƙa'idar aikin a fili take: sanyin firjin ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, a duba safe da yamma, a rubuta a takardar da ke manne a jikinsa. Firjin namu irin mai ƙanƙara a bango ne, wanda idan ya samu wuta ta kimanin awa 8 a rana yakan riƙe sanyinsa. Da zafin Afrilu ya shigo, wutar gari ta ɗauke, sai na fara isowa da safe ina tarar da digiri 10, wata rana 12. Na tambayi maigadi, ya ce tun wajen ƙarfe tara na dare yake kashe janareta, don man da ake ba shi ba ya kaiwa.

Na yi wa incajinmu, wato shugabar asibitin, magana sau biyu da baki, ta ce za a duba. Na rubuta mata takarda, mako ya wuce shiru. A lokacin kuwa ana ta raɗe-raɗin cewa kuɗin mai yana fitowa daga ƙaramar hukuma, amma ba ya isa tankin janareta. Raina a ɓace na zauna na rubuta wa daraktan lafiya shafi biyu. Jimlar farko ta ce incaji tana wasa da rayukan yara, ta biyu ta ce kowa ya san inda kuɗin mai yake tafiya.

Allah ya sa kafin in kai na nuna wa wani dattijo mai kula da ɗakin magani, wanda ya kusa ritaya. Ya karanta a hankali, ya ɗora yatsa a jimla ta biyu ya ce, "Ɗana, ka ga kuɗin nan da idonka?" Na ce a'a, Baba, amma kowa yana faɗa. Ya ce, "To idan darakta ya ce ka kawo kowan, wa zai biyo ka?" Sai ya sa na raba abin da ke takardar gida uku: abin da na gani da kaina, abin da aka faɗa min, da abin da nake zato. Na farko ya shiga takarda. Na biyu ya shiga tare da ambaton wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Na uku ya zauna a cikina.

Da na yi wannan rabon sai na ga yawancin shafi biyun zato ne, alhali hujjar da nake da ita mai ƙarfi ban ko ambace ta ba. A cikin firjin akwai ƙaramar na'ura mai ajiye bayanin sanyi na kwana 30, wadda take nuna alamar gargaɗi idan zafi ya haura digiri 8 na tsawon awa 10 a jere. Ta nuna alamar sau uku a kwana 14. Sannan kowace kwalbar rigakafin shan inna tana da tambari, ɗan murabba'i mai haske a cikin da'ira, kuma idan murabba'in ya yi duhu daidai da da'irar, ba a amfani da kwalbar. Namu sun fara sauya launi, ko da yake ba su kai matakin zubarwa ba. Ɓarnar da zafi ke yi wa allura taruwa take yi, mayar da ita cikin sanyi ba ya gyara abin da ya riga ya lalace. Wannan shi ne abin da darakta yake bukatar ji, kuma babu mai iya ƙaryata shi.

Sabuwar takardar ba ta cika shafi ɗaya ba. Na fara da abin da ya faru: daga ranar kaza zuwa ranar kaza, sau tara aka karanta sama da digiri 8 da safe, mafi yawa 12, ga kwafin takardar sanyi a haɗe. Na bi da abin da maigadi ya ce, a matsayin maganarsa, ban mayar da ita tawa ba. Sai matakan da na ɗauka: na sanar da incaji da baki a ranaku biyu, na rubuta mata a rana ta uku, har zuwa yau ban samu amsa ba. Wannan jimlar na fi daɗewa a kanta. Da farko na rubuta "ta ƙi amsawa". Ƙi kuwa hukunci ne a kan abin da ke zuciyarta, ni kuma abin da na sani kawai shi ne amsa ba ta zo hannuna ba. Kalmomi irin su "da gangan", "kullum", "sakaci" duk na cire su, don kowacce tana buɗe ƙofar gardama. Idan ka ce kullum, ya isa a nuna rana ɗaya da ba haka aka yi ba, sai a daina sauraron sauran maganarka.

A ƙarshe na faɗi abin da nake nema, kuma ban nemi a hukunta kowa ba. Na roƙi a kwashe alluran zuwa ɗakin sanyi na ƙaramar hukuma kafin ƙarshen mako, ko a samar da man da zai ba firjin awa 8 a rana. Na lura tun daga lokacin cewa babban ma'aikaci ya fi saurin sa hannu a kan bukatar da zai iya biya a yau, fiye da ƙarar da za ta sa shi kafa kwamitin bincike.

Abin da ya fi min nauyi shi ne hanyar kai takardar. A aikin gwamnati, wasiƙar da ƙarami zai aika wa na sama tana bi ta hannun shugabansa, shi ya sa ake rubuta "u.f.s." a ƙasan adireshi. Na so in zagaye, Baba ya hana. Na shiga ofishin incaji na ce, "Hajiya, maganar firji ce, zan kai ta gaban darakta, ga takardar ki duba kafin ta wuce." Ta karanta fuskarta a ɗaure, ta sa hannu. Babu abin da za ta ce ƙarya ne a ciki, kuma na tabbata da takardar farko na miƙa mata, da a aljihun teburinta za ta kwana. Na kai ofishin darakta, aka buga min hatimin karɓa da kwanan wata a kwafina.

Bayan kwana biyu aka kira mu tare. Darakta ya tambaye ni ko ina ganin wani ne ke karkatar da kuɗin mai. Tambayar nan tarko ce ga mai fushi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ga takardun kuɗi ba, abin da na gani shi ne ma'aunin sanyi." Ya juya gare ta, ita kuma ta ce kuɗin wata biyu ba su fito ba, ta kuma rubuta a kan haka. Ya sa a binciko fayil ɗin. Ba a kira ni zaman da ya biyo baya ba, kuma ba hurumina ba ne.

A ranar aka zo da akwatunan sanyi aka kwashe alluran, muka koma ɗauko na ranar rigakafi kawai, mu mayar da ragowar da yamma. Tsakanina da Hajiya kuwa, gaisuwa ta yi sanyi kusan wata guda, don komai ladabin takarda, ba wanda yake jin daɗin a kai maganarsa sama. Daga baya da aka kawo mana firji mai aiki da hasken rana, ita ta kira ni in tsaya a kan masu haɗa shi, ta kuma miƙa min makullin ɗakin.