Ƙwaya biyu cikin kwana biyu

Har yau idan na ga katin nan na maganin rigakafin zazzaɓin damina sai gabana ya faɗi, domin da sa hannuna aka buga shi da kuskure a ciki.

Aikin da aka ba ni ƙarami ne. Wata ƙungiya mai aikin lafiya ta sa an fassara mata kati daga Turanci zuwa Hausa, wanda za a riƙa bar wa iyaye mata a gida, da takardar tambayoyi shafi biyu ta masu rabon magani. Wani ne ya yi fassarar, ban san shi ba. Ni nawa shi ne in ɗauki Hausarsa in mayar da ita Turanci ba tare da na ga Turancin asali ba, sannan su ajiye nawa kusa da nasu su ga inda aka saɓa. Na kiyaye wannan sharaɗi sosai. Da jami'ar aikin ta yi kuskuren haɗo min da takardar asalin a saƙo, ban buɗe ba, na goge, na kuma sanar da ita. Na ɗauka da na yi haka na rufe kowace ƙofa.

Duk wanda ke zaune a arewa ya san rabon nan. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin sa a yankin Sahel, ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a wata a tsawon damina. Kowane fakiti ƙwaya huɗu ne: ɗaya irin wadda mutane suka fi sani da Fansida, uku kuma amodiyakwin, mai ɗacin nan. Ranar farko mai rabo ne ke ba yaro ƙwaya biyu a gabansa, Fansidar da amodiyakwin ɗaya. Sauran biyun sai a bar wa uwa, ta ba shi ɗaya washegari, ɗaya kuma ranar da ke biye. Saboda waɗannan ƙwayoyi biyu da ake bari a hannun uwa aka yi katin gaba ɗaya.

Ga abin da mai fassarar ya rubuta: "A ba yaron sauran ƙwayoyi biyun cikin kwana biyu."

Na karanta, na fahimta nan take, na rubuta da Turanci cewa a ba yaron sauran ƙwayoyin, ɗaya kowace rana, a kwana biyu masu zuwa. Da aka ajiye kusa da asali sai suka zo kamar an tsaga kara. Aka yi wa layin alamar daidai aka wuce.

Amma a sake duba jimlar Hausar. Ina "kowace rana" a ciki? Babu. Babu "ɗai-ɗai", babu "gobe", babu "jibi". Abin da jimlar ta ce kawai shi ne kada kwana biyu su wuce ba a ba shi ƙwayoyin ba. Uwar da ta haɗa duka biyun ta jiƙa ta ɗura wa ɗanta da safe ba ta saɓa wa katin ba ko kaɗan. Wadda ta bari sai jibi ta ba shi duka, ita ma ta bi abin da aka rubuta. Ga kuma "kwana biyu" kansa, wanda a bakin Bahaushe ba lallai ya zama biyu ba. Wanda ka yi wata uku ba ka gani ba ma kwana biyu za ka ce masa. Ni ne na zuba "kowace rana" a Turancina, daga kaina, saboda daminar da ta gabata na yi tafinta a wajen horar da masu rabo, na ji bayanin nan ya fi sau ashirin. Ban ga takardar asali ba, gaskiya ne, amma abin da ke cikinta yana cikin ƙwaƙwalwata. Idona ya karanta jimla mai giɓi, kaina ya cike giɓin, hannuna ya rubuta cikakkiya, kuma ban ma ji lokacin da hakan ta faru ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda muka kashe lokacin taron daidaitawa. Mu huɗu ne, muka zauna tun ƙarfe goma har bayan azahar. Kusan awa guda ta tafi a kan kalmar "yaro", domin a wani wuri na mayar da ita da kalmar Turanci ta ɗa namiji, sai shugaban aikin, wanda ba ya jin Hausa, ya tsorata cewa za a hana yara mata magani. Muka yi ta bayani cewa a irin wannan jimla "yaro" ya haɗa kowa, daga ƙarshe muka sa "yaro ko yarinya" a layin farko don hankalinsa ya kwanta. Muka yi gardama a kan "uwa" da "mai kula da yaro". Duk inda Turancina ya bambanta da nasu mun tsaya mun tona. Inda suka yi daidai kuwa ba wanda ya kalli Hausar, har ni. Haka tsarin yake tafiya: bambanci ne ke jawo ido, daidaito kuma ana ɗaukarsa shaidar lafiya.

Ba zan ce aikin bai tsinana komai ba. Ya kama abu biyu masu nauyi. Mai fassarar ya tsallake jimla guda sukutum, wadda ke cewa kada a ba jaririn da bai kai wata 3 ba, kuma rashinta ya fito fili da aka jera takardun. Sannan wata 59 ya mayar da shi "har shekara biyar", wanda zai sa a haɗa da yaron da ya riga ya cika biyar. Muka gyara zuwa "wanda bai cika shekara biyar ba". Irin wannan shi ne abin da mayar da fassara ke iya kamawa: jimlar da ta faɗi, lambar da ta sauya, "kada" da ya ɓace. Abin da ake iya ƙirgawa. Waɗannan biyun ne ma suka ƙara mana ƙarfin gwiwa, muka ga ai tarkon yana kamu.

Aka buga katin, kwali-kwali. Sai a ranar farko ta horar da masu rabo, wata dattijuwa ungozoma da ke zaune a layin baya ta ɗaga hannu. Ba ta jin Turanci, bokon ma da ƙyar take haɗawa, wata yarinya ce kusa da ita ta karanta mata. Ta ce, "Malam, wannan biyun da suka rage, a haɗa a ba shi ne, ko kuwa?" Na ce, "A'a Baba, ɗaya gobe, ɗaya jibi." Ta ce, "To ai katin bai ce haka ba, ɗana." Na karɓi katin don in nuna mata inda ya ce. Na karanta sau biyu a tsaye gaban mutum arba'in, ban samu ba.

Ba yaron da ya sha magani da wannan kati, alhamdu lillahi, domin ba a kai ga fita ba. Amma an janye duk abin da aka buga, an sake biyan maɗaba'a, wasu unguwanni suka fara zagayen farko ba kati, da baki kawai ake yi wa iyaye bayani. Da aka koma bincika yadda abin ya wuce, takardata aka ɗauko, ga "kowace rana" zaune a ciki da Turanci mai kyau. Mai fassarar farko ya yi sakaci, amma ni aka biya don in kama sakacinsa, sai na lulluɓe shi. Sabon layin da muka rubuta jimla uku ne: "Gobe ki ba shi ƙwaya ɗaya. Jibi ki ba shi ɗayar da ta rage. Kada ki haɗa su rana ɗaya." Idan aka mayar da wannan Turanci ba zai yi kama da asalin ba sosai, har da jimlar da babu ita a can. Da shi aka kawo mana taron daidaitawa, da mun ja masa jan layi.

Daga baya na koma na karanta maƙalar Richard Brislin ta 1970, wadda kusan kowa ke ambata idan ana maganar wannan hanya, na tarar tun a lokacin ya yi gargaɗi cewa mai mayarwa yana iya fitar da ma'ana mai kyau daga fassara mara kyau. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a tsarinta na fassara takardun tambayoyi, ba ta tsaya a mayarwa ba. Bayanta akwai gwaji a kan ainihin mutanen da aka yi abin dominsu, a tambaye su me suka fahimta. Mu wannan matakin muka tsallake saboda damina ta matso. Ni ma ban nace ba.

Yanzu idan aka kawo min irin wannan aiki, tambayar farko da nake yi wa kaina ita ce: na san wannan fanni? Idan na san shi da yawa, nakan faɗa musu su nemi wani, ko kuma in yi aikin da hannu biyu. Kowace jimla nakan fara sa Turanci a ƙarƙashin kowace kalmar Hausa, ɗaya bayan ɗaya, komai muninsa, sannan in rubuta jimla mai santsi a gefe. Duk kalmar da ta bayyana a mai santsin alhali babu ta a jerin farko, tawa ce, sai in ja mata layi in rubuta cewa Hausar ba ta faɗe ta ba. Da na yi haka a wancan karon, da "kowace rana" ta tsaya tsirara ba ta da uwa a Hausar. Aikin yana cin ninkin lokaci, kuma Turancin da nake miƙawa ba ya burge kowa. Wata jami'a ta taɓa tambayata ko Turancina ne ya yi rauni.

Idan kuma jimla tana karantuwa hanya biyu, duka biyun nake rubutawa, ba na zaɓar wadda ta fi ma'ana. Wannan yana faruwa a Hausa fiye da yadda masu ba da aikin suka sani, tunda rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A takardar masu rabon nan akwai layin da ya ce "Yaro ya sha magani a gabanka". A baki ba a rikita su: idan ka ja "ya" labari ne, ya riga ya sha, idan ka gajarta shi ka sauke murya umarni ne, a sa shi ya sha. A takarda kuwa harafi biyu ne iri ɗaya. Nan ma a wancan aikin na zaɓi umarni kai tsaye don na san shi ake nufi, sa'a kawai aka ci mai rabo ma ya sani.

Sannan ba na sa hannu a kan kati irin wannan sai an kai shi gaban mata biyar ko shida da ba su jin Turanci, a karanta musu da ƙarfi, a ba kowace ƙwayar wake biyu a ce ta nuna yadda za ta yi gobe da jibi. Ba a tambayarsu ko sun gane, domin kunya da kara za su sa kowa ta ce ta gane. Hannunsu ake kallo. Wannan ba ya cikin abin da ake biyana, kuma sau biyu ke nan ana ce min babu lokaci. Na biyun na mayar musu da aikinsu.

Na ajiye ɗaya daga cikin tsofaffin katunan a aljihun jakar kwamfutata. Dattijuwar nan ban ko tambayi sunanta ba ranar, kunya ta hana ni komawa layin baya.