Abin da kwantenar keken ɗinki ta koya mini

Ina wata na biyu a ofishin masu fito da kaya a tashar jirgin ruwa ta Apapa, Legas, aka miƙo mini takardun wani ɗan kasuwar Kano: keken ɗinki, kwali 400, daga Sin. Aikina in kwashe lambar kwantena, nauyi, kuɗin kaya da lambar haraji, wato lambar da ke nuna wa kwastan ajin kayan, in zuba a takardar da muke bi kafin mu tunkari kwastan. Minti ashirin na gama, har ina jin kaina.

Maigidana ya ɗora yatsa a kan nauyi, ya ce, "Kai yaro, daga ina ka ɗauko 4,800?" Na ce daga takardar jerin kaya. Ashe nauyi biyu ne a wurin. Kilo 4,800 na kekunan ne tsirara, kilo 12 kowanne. Da kwali da soson da aka naɗe su kuwa kilo 5,600 ne, kuma shi ne ke kan takardar jirgi. Kamfanin jirgi ya riga ya ba kwastan wannan adadin tun kafin jirgi ya tsaya. Idan naka ya saɓa, sai tambayoyi, kwantena na zaune, kuɗin ajiya na hawa kullum a wuyan mai kaya.

A kuɗi ma na yi tuntuɓe. Na kwafi dala 20,000 daga layin da aka rubuta FOB, wato farashin kaya har a ɗora su a jirgi can Sin. Kwastan kuwa a kan CIF suke yanka kuɗin fito: kaya, da kuɗin dako, da inshora. Dakon dala 3,000 na nan a layin ƙasa, idona ya tsallake shi. Inshorar, kwatankwacin dala 200, tana wata takarda daban, ta kamfanin gida Najeriya. Jimla 23,200.

Lambar haraji ce ta fi ba ni kunya, domin na kwafe ta daidai, harafi da harafi. Mai sayarwa ya rubuta lamba goma da ta fara da 8452.29, ajin sauran kekuna irin na masana'anta. Bayanin kayan kuwa ya ce na gida ne, masu faɗawa 8452.10. Ban ma san cewa lambobi shida na farko kaɗai duniya ta yi tarayya a kai ba. Huɗun ƙarshe a wurinmu daga jadawalin harajin ECOWAS ake duba su, wutsiyar da mutumin Sin ya liƙa ta ƙasarsu ce.

Tun ranar na ƙara gurbi ɗaya a takardar: gefen kowane adadi ina rubuta takardar da ya fito. Sannan ina jera shi da abin da ke Fom M, takardar da mai shigo da kaya ke cikewa ta banki, da PAAR, rahoton kimanta kaya da kwastan ke bayarwa. Wancan na ɗan Kano, sai da muka kira Sin suka gyara lambar kafin banki ya tura takardun ƙarshe.