Kiriyatin da takardar gwajin ƙoda: abin da wata huɗu na shansa suka nuna mini

Kafin na fara shan kiriyatin, garin nan da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙarfin tsoka, na je na yi gwajin jini na ƙoda, kuma wannan takardar ita ce ta yi mini rana daga baya. Ina da shekara 30, nauyina kilo 68, wata biyu ke nan da fara ɗaga ƙarfe, ba hawan jini, ba ciwon suga. Kiriyatinin ɗin jinina, wato dattin da ƙoda ke tacewa wanda gwajin ke aunawa, ya fito 88, lissafin ƙarfin tace ƙoda, wanda ake rubuta wa eGFR a takarda, ya fito 104.

Robar da na saya mai giram 300 ce, garin fari ne kamar gishirin da aka niƙa, ba ƙamshi, ba ɗanɗano. A wajen jerin abin da ke ciki abu ɗaya aka rubuta: creatine monohydrate. Wannan nau'in ne aka fi yin bincike a kansa, shi ne kuma mafi araha. Haɗe-haɗen nan masu kala da ake sha kafin motsa jiki galibi da sinadarin kafeyin da wasu abubuwa a ciki, in ka ji zuciyarka na bugawa ba za ka san wanne ya jawo ba.

Na fara da abin da 'yan gidan ƙarfe ke kira lodin: giram 20 a rana har kwana 5 zuwa 7, sannan a koma giram 3 zuwa 5. Kuskurena shi ne na raba shi kashi biyu, giram 10 safe, giram 10 yamma. Rana ta biyu cikina ya fara ƙugi, sai gudawa. Dalili kuwa, abin da hanji bai tsotse ba yana zama a ciki ya janyo ruwa. Da na mayar da shi giram 5 sau huɗu, kowanne bayan cin abinci, sai cikin ya lafa. Amma da yau zan fara, ba zan yi lodin ba sam. Giram 3 zuwa 5 kullum yana cika tsoka cikin mako 3 zuwa 4, wato inda mai lodin ya isa a mako ɗaya kai ma za ka isa, ba tare da zaryar banɗaki ba. Kuma roba mai giram 300 za ta kai ka kwana 60 a kan giram 5.

A auna cokalin da ke cikin robar a ƙaramin sikeli ko da sau ɗaya ne. Nawa in an shafe bakinsa giram 4 yake ɗauka, in an tula ya haura 6. Lokacin sha bai taka kara ya karya ba, abin da ake so kada a yi tsallake, har ranar da ba a je motsa jiki ba. Garin ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi, yakan kwanta a gindin kofi kamar yashi, sai a ƙara ruwa a girgiza a shanye. Kada a dama a ajiye ya kwana, musamman a abin sha mai tsami kamar zoɓo ko lemo, domin tsami da zafi suna juyar da shi a hankali ya koma kiriyatinin, wanda ba ya amfanar tsoka da komai.

A kwana goma na farko sikeli ya nuna na ƙara kilo 1.3. Ba kitse ba ne, ba kuma sabuwar tsoka ba. Ruwa ne da kiriyatin ya ja zuwa cikin tsoka, kuma ƙarin kilo 1 zuwa 2 abu ne da aka saba gani. Daga nan ne maganar “sai ka sha lita biyar ko shida” ta samo asali, ni kuwa ban ga hujjarta ba. Ruwan da ya shiga tsoka sau ɗaya yake shiga, ba kullum ba. Abin da ke cinye ruwan jiki gumi ne. Na auna kaina kafin da bayan awa ɗaya na ɗaga ƙarfe a watan Afrilu, na tarar na rage giram 900, kusan ledar ruwa biyu ke nan mai rabin lita. Saboda haka tsarina ya zama leda biyar zuwa shida a yini, da ƙarin biyu ranar motsa jiki. Fitsari ne alƙali: in ruwan ɗorawa ne mai haske, ruwan ya isa, in ya yi duhu a ƙara. Da azumi kuwa bayan buɗa-baki nake shan giram 5 ɗina, in rarraba ruwan zuwa sahur.

A mako na takwas na maimaita gwajin. Kiriyatinin 112, eGFR 78. Sai da gabana ya faɗi. Likitan ya ajiye takardun biyu gefe da gefe, ya ce, “Malam, me ka fara sha tsakanin waɗannan biyun? Jiya kuma me ka ci?” Na faɗa masa, har da tsiren da na ci da daddare bayan na yi aikin ƙafa mai nauyi.

Bayanin da ya yi mini shi ne wannan. Kiriyatinin dusar kiriyatin ce. Kullum kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na kiriyatin ɗin da ke jiki yana rikiɗa ya zama ita, ƙoda ta tace ta fita a fitsari. Gwajin yana ɗauka cewa yawan dusar da jiki ke fitarwa ba ya canzawa, don haka in ta ƙaru a jini sai a ce matatar ce ta yi rauni. To mai shan kiriyatin ya ƙara abin da ke haifar da dusar, dafaffen nama ma yana ɗauke da ita, motsa jiki mai tsanani yana ƙara ta na ɗan lokaci. Shi kuma eGFR daga wannan adadin ake lissafa shi, in ɗaya ya hau dole ɗayan ya sauka.

Bai tsaya a baki ba. Ya auna hawan jinina, ya sa aka duba ko furotin na zuba a fitsari, ya kuma rubuta gwajin cystatin C, wanda ba ruwansa da yawan tsoka ko kiriyatin. Duka suka fito lafiya. Ba kowane ɗakin gwaji ne ke yin wannan na ƙarshen ba, kuma ya fi tsada. Inda babu shi, a daina sha mako 4 zuwa 6, a guji nama da ƙarfe kwana biyu kafin a ɗibi jinin, a sake gwadawa. In adadin bai sauko ba, maganar ta wuce ta kiriyatin.

Binciken da ya nuna ba ya lalata ƙoda, har wanda aka bi mutane shekara 5, galibinsa a kan masu lafiyayyar ƙoda aka yi. Mai ciwon ƙoda, mai suga, mai hawan jini, mai ƙoda ɗaya, mai juna biyu, kada su taɓa sai likita ya ga gwajinsu, kuma hawan jini da ciwon ƙoda kan daɗe a jiki ba alama. Abin da na fi ganin haɗarinsa a gidan ƙarfe ma ba garin ba ne, ibufurofen da dikilofenak ne da samari ke afawa saboda ciwon jiki, cikin zafi, ga ƙarancin ruwa. Waɗannan suna rage jinin da ke shiga ƙoda da gaske. Sabon shiga kuma da ya yi wa kansa aikin wuce kima, in ya wayi gari tsoka ta kumbura da ciwo mai tsanani, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, wannan tsoka ce ke farfashewa tana kwarara cikin jini, asibiti zai nufa a ranar.

Yanzu giram 5 nake sha bayan abincin rana, kuma duk sanda za a ɗibi jinina nakan sa a rubuta a takardar cewa ina shan kiriyatin.