Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da aka buga min ƙasa

Makon jiya na tsaya a inda Gwaggo ta ce ita fa ba ta yarda da mai nemana ba, bakinsa ya cika zaƙi. Washegari ta ja ni wurin wani dattijo mai bugun ƙasa. Na san malamai sun hana, na kuma san hadisin da ya ce wanda ya je wa mai duba ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Na bi ta duk da haka, don zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya.

Ya baje rairayi a faifai, ya shafe shi da tafin hannu, ya ce, "'Yata, tambaya ɗaya za ki riƙe a ranki."

Na ce, "Baba, da gaske yake ko yaudara ce?"

Sai ya shiga dangwala yatsa da sauri ba tare da ƙirgawa ba, har layi 16. Ya bi kowane layi yana kashe ɗigo bibbiyu, abin da ya rage, ɗaya ko biyu, shi yake ɗauka. Layi huɗu ke ba da siffa guda, don haka ya sami huɗu, su ne uwaye. Daga cikinsu ya fitar da sauran, yana jerawa daga dama zuwa hagu, kowace siffa a gidanta. Da ya kai gida na 15, wanda ya kira alƙali, sai ya yi tsaki. Ɗigo biyar ya gani, alhali alƙali ba ya fitowa da mara, dole ya zama huɗu, shida ko takwas. Ya koma baya ya gano inda ya yi kuskuren haɗawa, ya gyara.

Kowace siffa da sunanta. Gida na farko nawa ne, siffar da suke kira Yusufu ce ta sauka a ciki. Dattijon ya nuna min samansa ɗigo ɗaya, ƙasansa ɗaya, ya ce irin wannan mai jujjuyawa ne. "Ke kanki ba ki tsai da magana ba." Gwaggo ta harare ni.

Gida na bakwai shi ne na aure, nan ake neman manemi, kuma Mahadi ne a wurin: biyu a sama, sai ɗaya, ɗaya, ɗaya. Duk siffar da ta fara da biyu ta ƙare da ɗaya mai shiga ce, wadda ta fara da ɗaya ta ƙare da biyu mai fita ce. Mahadi mai shiga ne, Larabawa ma dokin ƙofa na shiga suke ce masa. Ya ce mutumin ba wasa ya zo yi ba, auren yake nufi. Har na fara murmushi.

"Kada ki yi saurin murna, bari mu ga inda ya sake bayyana." Ya aza yatsa a gida na biyu. Mahadin ne dai, ɗigo da ɗigo, zaune a gidan dukiyar mai tambaya. A gida na biyar kuwa, inda ake duba so da farin ciki, Sulaimanu ne, wanda suke fassarawa da ɗauri.

Ya ɗago ya dube ni. "Akwai abin da aka bar miki?"

Akwai. Gidan da mahaifina ya bari, wanda sau biyu mai neman nawa yana tambayata ko takardunsa na hannuna, ni kuwa na ɗauka hira ce.

Sannan dattijon ya haɗa siffata da ta manemin layi-layi: iri ɗaya su ba da biyu, mabambanta su ba da ɗaya. Isa ya fito, mai fita, alamar abin da ke suɓucewa daga hannu. Alƙali kuma Ƙalallahu, nasara ce amma mai fita, ta zo da wuri ta tafi da wuri.

Gwaggo ta tafa hannu. "Ban faɗa ba!"

Dattijon ya girgiza kai. "Hajiya, a yi a hankali. Manemi a gidan dukiya yana iya zama mai ci, yana iya zama mai kawowa. Ƙasa ta nuna min inda ya tsaya, ba ta buɗe min ƙirjinsa ba."

Yau in na tuna, sai in ga wannan ce maganar da ta fi gaskiya a zaman. Kuma ban manta ba, tun kafin ya taɓa rairayi Gwaggo ta riga ta zayyana masa cewa ni marainiya ce. Wace marainiya ce za a tambaya ko an bar mata wani abu ta rasa abin tunawa?

A hanyar komawa ban ce uffan ba. Da daddare mai neman nawa ya kira kamar yadda ya saba, muka gaisa, sai na tsinci kaina ina ce masa 'yan'uwan mahaifina sun karɓe takardun gidan, babu rabona a ciki. Ƙarya na yi. Ya yi shiru har sai da na duba wayar ko ta katse.

Abin da ya faɗa bayan shirun, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.